Kilishi yana wata biyu, madara ba ta yini: ina bambancin yake?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar kindirmo a gida a nan Gombe, ƙanina kuma yana kilishi. Nasa yakan yi wata biyu ba firji, ni kuwa madarar da na tafasa da safe in na yi sakaci zuwa dare ta juya. Sannan a watan Agusta yarana uku sun yi ta amai awa uku bayan sun ci kilishinsa, alhali ba ya wari, ba fumfuna a jikinsa. Shin gishiri da shanya ba sa kashe cuta ne? Tafasawar fa, me ta amfana mini?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yaran lafiya.

Ke da ƙaninki makami biyu kuke riƙe da su, kowanne da irin aikinsa. Wuta tana kashe ƙwayoyin da ke cikin abinci a lokacin da aka ɗora shi, amma ba ta tsare shi daga waɗanda za su shigo bayan an sauke. Gishiri da shanya kuwa ba su cika kisa ba, ɗaure ƙwayoyin suke yi su hana su hayayyafa. Madararki an kashe na cikinta amma an bar ƙofa a buɗe. Kilishinsa an kulle ƙofa, amma duk abin da ya riga ya shiga yana nan a ciki.

Kafin in je ga lissafi, akwai abin da nake so ki cire daga ranki, wato cewa hanci alƙali ne. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci daban, masu sa ciwo daban. Masu ruɓarwa su ne ke kawo wari da yauƙi da tsami da canjin launi, kuma da yawansu ba sa kwantar da mutum, sai dai su jawo asara. Masu sa ciwo irin su Salmonela, da mai kawo taifod, da mai kawo kwalara, sukan kai adadin da zai kai mutum asibiti alhali abincin yana nan da ƙanshinsa da kyan ganinsa. Shi ya sa "na shinshina ban ji komai ba" ba hujja ba ce a wurinmu. Wari yana gaya miki ki zubar. Rashin wari ba ya gaya miki komai.

Bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar rabewa biyu. In ta samu ruwa da abinci da ɗumi, wasu kan rabu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak, bayan awa bakwai ta haura miliyan biyu. Ɗumin da suke so yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, mafi daɗi a wurinsu kuwa shi ne kusa da zafin jikin ɗan Adam, digiri 37. To ki duba Gombe a watan Maris da Afirilu, lokacin da ko a inuwa zafi ke kai wa kusan 40. Ɗakin girkinki a bazara ɗakin ƙyanƙyasa ne, kuma madara ita ce abincin da suka fi so: ruwa ne kusan kashi 87 cikin ɗari, ga sukari, ga maiƙo, ba tsami.

Mu fara da kilishi, tunda shi ya taɓa yara.

Ƙwayar bakteriya ba ta da baki. Ta fatar jikinta take tsotsar abinci, kuma sai abincin ya narke a ruwa. Don haka abin da ya dame ta shi ne ruwan da za ta iya amfani da shi, wanda ba a ɗaure yake da gishiri ko sukari ba. Masana suna auna wannan da ma'auni daga sifili zuwa ɗaya. Ɗanyen nama yana wajen 0.99. Yawancin masu sa ciwo suna daina hayayyafa in aka sauko ƙasa da 0.91. Fumfuna ta fi juriya, takan rayu har wajen 0.80, wasu irinta ma ƙasa da haka. In aka kai ƙasa da 0.60, babu abin da ke tsiro. Shanya tana sauko da wannan lamba ta hanyar kwashe ruwan zuwa iska. Gishiri yana sauko da ita ta hanyar riƙe ruwan da ya rage, har ya janyo na cikin jikin ƙwayar ta yamutse, kamar yadda za ki ga yankakkiyar albasa ta fito da ruwa in kin barbaɗa mata gishiri.

Bari mu yi lissafi da naman ƙaninki. A ce ya sayi tsoka zalla kilo 10, ba kitse. Kusan kilo bakwai da rabi a ciki ruwa ne, kilo biyu da rabi ne naman gaske. A ce ya zuba gishiri giram 200. A wannan lokacin gishirin da ke cikin ruwan naman bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, wanda ɗanɗano kawai yake bayarwa, ba ya hana komai. Ya shimfiɗa a rana, nauyi ya sauko zuwa kilo 5. Yanzu ruwan da ya rage kilo biyu da rabi ne, gishirin kuma bai je ko'ina ba, don haka ya zama wajen kashi 7 cikin ɗari. Masu ruɓarwa da yawa sun tsaya a nan, shi ya sa naman ba zai yi wari ba. In ya ci gaba da bushewa har nauyi ya sauko wajen kilo uku, ruwan da ya rage bai fi giram 600 ba, gishirin cikinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari. A nan ne naman ya kai tudun mun tsira. Kin ga gishiri da rana hannu ɗaya suke aiki: rana ce ke mai da ɗan gishiri ya zama mai ƙarfi.

Hatsarin yana a tsakiyar tafiyar, a wancan matakin na kilo 5, da kuma tsawon lokacin da naman ya ɗauka a wurin. Akwai wata ƙwaya, Sitafilokokas, da ke zaune a cikin hancin mutane da yawa masu lafiya, da kan fata, musamman a maruru da yankan wuƙa da ya yi ruwa. Ita gishiri kashi 10 cikin ɗari bai dame ta ba, kuma tana iya hayayyafa har wajen 0.86, inda sauran suka riga suka saduda. Gishirin ma taimakonta yake yi a wannan matakin, domin ya kore mata abokan gasa. In ta yi yawa sai ta zubar da dafi a cikin abincin, kuma wannan dafin ko an tafasa ba ya lalacewa. Gashi zai kashe ƙwayar, dafin ya zauna. Alamarsa ita ce abin da kika faɗa: amai mai ƙarfi da murɗar ciki cikin 'yan awoyi, yawanci tsakanin rabin awa zuwa awa takwas, galibi ba zazzaɓi, kuma zuwa washegari an samu sauƙi. Salmonela ba ta zuwa da wannan saurin. Takan ɗauki daga awa shida zuwa kwanaki, ta zo da gudawa da zazzaɓi. Don haka amai bayan awa uku, ga yara uku lokaci guda, a watan Agusta, zargina ya fi karkata ga dafin Sitafilokokas.

Watan da abin ya faru shi ne rabin bayanin. A hunturu iskar Gombe busasshiya ce ƙayau, yankan nama mai sirara yana bushewa cikin 'yan awoyi, ƙwayar ba ta samun sarari. A Agusta iska cike take da laima, hadari ya taso a kwashe shanya a guje, a tara nama a ɗaki da ɗuminsa da danshinsa har gari ya waye. Kuma kilishi sau biyu yake ratsa wannan matakin, domin bayan bushewar farko ana tsoma shi cikin haɗin tunkuza da yaji da albasa, wanda da ruwa ake dama shi, da hannu ake cuɗa shi. Na taɓa tsayawa a wata rumfar kilishi da damina, na ga mai haɗin ya naɗe ɗan yatsansa da tsumma saboda yankan wuƙa, yana cusa hannun cikin baho har gwiwar hannu, tsumman ya jiƙe ya koma launin yajin. Haɗin tun asuba aka dama shi, ga shi azahar ta gota. Mutumin kirki ne mai tsabtar tufafi, rumfarsa a share, bai san cewa abin da ke ƙarƙashin tsumman nan ya fi ƙudan da yake kora hatsari ba. Abin ya tsaya mini a rai, don yara ne ke cin yawancin abin da ake kai wa gida tsaraba.

Ga abin da zan roƙi ƙaninki. Duk mai rauni ko ƙurji a hannu kada ya taɓa nama ko haɗi sai ya warke. A dama haɗin da tafasasshen ruwa, daidai wanda za a yi amfani da shi cikin awa biyu, kada a ajiye ragowa a ƙara a na gobe. Da damina ya rage yawan da yake yi, ya ƙara sirantar yanka, in rana ta ƙi ya ƙarasa busarwar a kan garwashi maimakon ya bar nama ya kwana da danshi. Ya sayi sikeli ya riƙa aunawa: in nauyin bushewar farko bai sauko kusa da kashi ɗaya cikin uku na ɗanyen ba, bai bushe ba, ko da bayansa ya yi ƙarfi. Rana mai zafi takan busar da bayan nama mai kauri ta bar cikinsa da laushi. A karya a duba tsakiya.

Game da gashin ƙarshe, kada ya zama shafa wuta don ƙanshi kawai. Salmonela tana iya zama da rai wata da watanni a cikin busasshen abinci, ba ta ƙaruwa, ba ta mutuwa, kuma bushewa tana ƙara mata juriyar zafi. Zafin da zai kashe ta nan take a jiƙaƙƙen nama, wajen digiri 70 zuwa 75, ba lallai ya kashe ta a busasshe ba. Saboda haka gara a gasa tun da ɗan sauran laushin haɗin a jiki, zafi ya ratsa, sannan a ƙarasa busarwa. Bayan nan a bar shi ya huce sarai kafin a sa a leda. Kilishi mai ɗumi a cikin leda yana gumi, kuma wannan ɗigon gumin ya isa fumfuna ta tsiro. Wanda ya daɗe ya yi ɗanɗanon tsohon mai kuwa, wannan ba aikin ƙwayoyi ba ne, man gyaɗar ne iska ta lalata.

Tunda na ambaci gyaɗa, tunkuzar ma a duba asalinta. Gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba suna kama wata fumfuna mai fitar da dafin afulatoksin, wanda ke cin hanta a hankali, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da shi. A 2004 ya kashe mutum fiye da ɗari a Kenya ta hanyar masara. Gyaɗar da ta yamutse, ta canja launi ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce ai niƙawa za a yi. Shanya kuma a ɗaga ta sama a kan gado, a kwashe kafin dare. Zazzaɓin Lasa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da ya fi addaba.

Yanzu ga madararki.

Dabarar ɗumama abin sha don ya daɗe ta samo suna daga Luwi Fasto, masanin Faransa da ya gwada ta a shekarun 1860, daga baya aka kawo ta kan madara. Ƙa'idarta zafi ne haɗe da lokaci: digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. An zaɓi waɗannan lambobi ne don su kashe masu sa ciwon da ke zuwa ta madara ba tare da an ƙona ɗanɗanonta ba. Biyu daga cikinsu sun shafe mu kai tsaye a ƙasar makiyaya. Ɗaya ita ce tarin fuka na shanu, wanda ke kama mutum. Ɗayar ita ce cutar da Fulani ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari, wadda in ta shiga mutum take kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifod ba sauƙi. Saniya tana iya ɗauke da su tana kiwo lafiya lau a ido. To ga amfanin tafasawarki, kuma ba ƙarami ba ne. Kada ki yarda da masu cewa tsamin nono kaɗai ya isa. Tsami yana hana hayayyafa, amma bai zama tabbacin kashe waɗannan biyun ba. Nonon da aka kwantar daga ɗanyar madara ban yarda a ba yaro ko mai ciki ba.

Abin da tafasawa ba ta yi shi ne mai da madara abin ajiya. Wasu bakteriya suna da wata dabara: in wuya ta yi sai su dunƙule cikin ƙwanso mai tauri kamar iri, su tsallake tafasa, in abinci ya huce su farka. Su ne ke sa shinkafar da ta kwana a kula ta sa amai. Bayan su kuma ga na ludayi, da na ƙwarya, da na hannu, da na ruwan da aka ɗauraye roba. Duk wanda ya faɗa cikin tafasasshiyar madara ya tarar da fili ba kowa. Madarar kwali da kike gani a kanti tana watanni ba firji, ita an kai ta wajen digiri 135 na 'yan daƙiƙoƙi, aka rufe ta a mazubin da ba ƙwaya ko ɗaya. Wannan ba aikin tukunyar gida ba ne, kuma ita ma da an buɗe ta ta zama kamar taki.

Saboda haka bayan wuta dole ki ba madara mai tsaro na biyu, ko sanyi ko tsami. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, naki shi ne tsami, kuma kindirmo ainihinsa ke nan: ki cika madarar da ƙwayoyi masu amfani, su cinye sukarinta su mai da shi tsami kafin miyagun su farga. Tsere ne, wanda ya riga ya ci.

Mu ɗauki lita 10. Da an kawo miki, ɗebi cokali ɗaya ki tafasa shi daban. In ya guntse ya tsinke, madarar ta riga ta fara juyawa a hanya, kada ki saya. In ta wuce, ki tace da tsumma mai tsabta da aka tafasa, ki ɗora nan da nan, kada ki ce sai kin gama aikin gida. In kina da ma'aunin zafi na girki, kai ta 85 ki riƙe ta a nan kamar minti 20 zuwa 30 kina juyawa. Wannan ya wuce ƙa'idar kashe cuta, kuma yana sa kindirmo ya yi kauri. In babu ma'auni, bar ta ta tafaso sosai har ta taso, kina juyawa don kada ta kama. Kumfar gefen tukunya ba tafasa ba ce.

Inda nake zaton kike yin asara shi ne wajen hucewa. Tukunyar lita 10 in aka ajiye ta a ƙasa ta huce da kanta, za ta yi awoyi tana ratsa ɗumin nan da ƙwayoyi ke so, babu mai tsaronta. Ki rufe ta, ki tsoma gindinta a baho mai ruwan sanyi, kina canja ruwan in ya ɗumama, har ta sauko wajen digiri 43, wato ɗumin da za ki ɗiga a bayan hannunki ki ji shi ba ƙuna. Ki ɗiga da cokali, kada ki tsoma yatsa. Nan take ki zuba irin, kamar cokali biyu na cin abinci ga kowace lita, wato wajen kofi ɗaya da kwata ga lita 10, daga kindirmon jiya mai kyau. Ki juya da ludayin da kika zuba wa tafasasshen ruwa, ki juye a mazubin da shi ma aka yi masa haka, ki rufe ki bar shi a wuri mai ɗumi. Cikin awa shida zuwa takwas ya kamata ya kama, in da sanyin hunturu ya fi haka.

Kindirmo mai kyau yana kamawa sumul, tsaminsa mai daɗi. In kika ga ƙananan ramuka na iska a jikinsa, ko ya kumbura ya tsage yana iyo a kan ruwa, ko yana ɗaci, ko warinsa ya bar na nono, to wasu ne suka ci tseren, yawanci na ƙazantar ruwa ko ta hannu. Wannan zubarwa ake yi, kuma kada a ɗebi iri daga cikinsa. In kuwa ya yi awa goma sha biyu yana nan tsararo bai kama ba, ko dai kin zuba irin madarar tana da zafi ta kashe shi, ko irin ya tsufa, ko an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan maganin ya biyo madara. Ki tambayi mai kawo miki, cikin mutunci, domin da yawa ba su san ana dakatar da sayar da madara na wasu kwanaki bayan allura ba.

Sai abu na ƙarshe da ke rushe duk wannan wahala a minti ɗaya: ƙarin ruwa. In za ki sassauta kindirmo ko ki dama fura, ruwan ya zama tafasasshe da ya huce a rufe. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba ki sa ta a bayan roba, kada ta shiga ciki, don sanyi ba ya kashe ƙwayar taifod ko ta kwalara, ajiye su yake yi. Ko kindirmo mai kyan ma, ba firji kada ya wuce yini ɗaya zuwa biyu, domin yis da fumfuna ba sa tsoron tsami.

In irin abin da ya sami yaran ya sake faruwa, ki fara ba su ruwan gishiri da sukari na sacet kaɗan-kaɗan, ko suna amai, cokali bayan cokali. In kika ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ido ya faɗa, ko yaro ya daina fitsari, ko ya kasa riƙe ko da ruwa, a tafi asibiti ba jira. Ragowar abincin kuma kada a ba kowa. A ƙulle shi a leda, a rubuta ranar da aka yi shi da lokacin da aka ci, sannan ki sanar da ƙaninki a ranar don ya tsayar da sayar da sauran wannan zubin.